Ban taɓa aiki a Ai-Si-Yu ba, me zan rubuta a takardar bayanin kaina?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ni nas ce a wani asibitin ƙaramar hukuma a Jigawa. Ina neman digiri na biyu a fannin jinyar marasa lafiyan da ke cikin mawuyacin hali, kuma jami'ar ta ce in rubuta bayanin kaina, kada ya wuce kalma 500. Mu ba mu da Ai-Si-Yu, wato sashen kulawa ta musamman da irin waɗannan marasa lafiya, bentileta ma, na'urar taimakon numfashi, a makaranta kawai na gan ta. Me zan ce musu?

Wani nas daga Wudil: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ki fara da cewa tun kina yarinya kike son taimakon marasa lafiya, sannan ki jero duk kwasa-kwasan da kika yi. Idan kin taɓa zaman horo a Ai-Si-Yu ko na sati biyu ne, ki faɗaɗa shi.

Hajiya, malamar jinya: Malam, maganar horon daidai ce, ta ambace shi, amma da ainihin tsawonsa, don za su iya tambayarta a intabiyu. Zancen yarinta kuwa kowa shi yake rubutawa, kwasa-kwasan kuma suna cikin sauran takardunta. 'Yata, mai karantawa yana so ya ga ko kina gane mara lafiya ya fara taɓarɓarewa tun kafin abin ya ƙwace. Ba mu labarin mutum ɗaya da kika tsaya a kansa.

Mai tambaya: Hajiya, akwai wata mai haihuwar fari da aka kawo da jijjiga, jininta 170 bisa 115. An yi mata magniziyam salfet na farko, giram 4 ta jijiya da giram 10 a ɗuwawu. Da lokacin allura ta gaba ya yi, bayan awa 4, na ƙirga numfashinta na samu 10 a minti, na buga gwiwarta ba ta harba ba, jakar fitsari kuma mil 40 kacal. Sai na fasa allurar, na sa mata oksijin, na kira likita, aka ba ta makarin magniziyam, wato kalsiyam gulukonet, giram 1 a hankali ta jijiya. Da asuba muka tura ta Kano.

Hajiya, malamar jinya: To ai kin gama rabin aikin! Da wannan za ki buɗe, da lambobin nan yadda suke, amma kada ya ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na takardar. Abin da ba ki faɗa ba shi ne dalili, kuma shi suke nema. Ki rubuta cewa ƙoda ce ke fitar da magniziyam, fitsarin da ya kamata ya kai mil 100 a awa 4 ya tsaya a 40, don haka kika gane maganin taruwa yake a jini, ƙarin allura na iya tsayar da numfashi. Ki riƙa cewa "na ƙirga", "na fasa". Idan kika cika "muka yi", ba za a san naki ba. Abin da likita ya yanke kuma ki bar masa.

Daga nan ki faɗi inda iliminki ya ƙare, ba tare da kunya ba. Me ya ɗaure miki kai a daren?

Mai tambaya: Ruwa, Hajiya. Fitsari ya yi ƙasa, ina ganin kamar a ƙara mata ruwa, amma na san mai jijjiga ruwa kan taru mata a huhu. Kuma da a ce numfashin ya tsaya, jakar da ake matsawa da hannu a hura iska kawai gare mu.

Hajiya, malamar jinya: Madalla, sakin layi na biyu ke nan. Ki buɗe jerin darussan jami'ar, ki nemo wanda ya shafi lura da zagayawar jini da ma'aunin ruwa, da wanda ya shafi taimakon numfashi, ki kira su da sunan da suka ba su, ki ce ga giɓin da za su cike miki. Yabon jami'a kada ya wuce haka. Sunan matar, ƙauyensu da ranar duk ki cire, a karkara "mai haihuwar fari daga gari kaza" ma tona asiri ne. Kada kuma ki kai ƙarar asibitinku, ki faɗi abin da babu a jimla ɗaya ki wuce.

Wata ungozoma: Anti, ni ma ina shirin nema, amma matar da ta fi tsaya min a rai rasuwa ta yi a mota kafin mu isa Dutse. Ya halatta in sa ta?

Hajiya, malamar jinya: Allah ya jiƙanta. Ni ina ganin za ki iya, in har za ki nuna abin da kika sauya a aikinki bayan nan.

Wani nas daga Wudil: Ni dai ban yarda ba, Hajiya. Kalma 500 ba ta isa a bayyana rasuwa ba, mai karantawa zai iya zargin sakaci.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. A ƙarshen nake so in ce zan dawo in kafa ɗan ɗaki mai gado biyu kusa da teburin nas, da takardar auna numfashi kowace awa. Amma ban yi magana da Metiron ba tukuna, sai na ji ta bakinta kafin in rubuta.