Brahman da deva, me zan kira su da Hausa? Gobe da safe zan naɗi shiri

Mai shirin rediyo: Salamu alaikum jama'a, a taimaka. Ina da shiri kan addinin Hindu, gobe ƙarfe tara zan shiga situdiyo, kalma biyu sun tsaya min a wuya, Brahman da deva. Da na ce "alloli" mai sauraro a Kano ya gama yanke hukunci tun ban ƙarasa jimlar ba, kuma in na kira Brahman "Allah" na yi wa ɓangarorin biyu ƙarya.

Ɗan Fagge: Gumaka mana. Shi kuma Brahman ai shi ne mai fuska huɗun nan, ka ce babban gunkinsu kawai.

Malamin jami'a: A'a ɗan'uwa, mai fuska huɗu Brahma ne, deva ne shi ma kamar sauran. Brahman ba shi da fuska, ba namiji ba ne ba mace ba, shi ne samuwar da komai ya dogara da ita. Gunki kuwa suna da kalmarsa daban, murti, wato sassaƙen da ke cikin ɗakin bauta, in ka kira deva gunki ka haɗe abu biyu da su suka raba. Akwai wani wuri a Brihadaranyaka Upanishad, ɗaya daga cikin tsofaffin littattafan addininsu, da zai yi maka amfani a shirin. An tambayi wani malami mai suna Yajnavalkya deva nawa ne, ya ce 3,306, aka ce tsakani da gaskiya nawa ne, ya ce 33, aka sake ya ce 6, sai 3, sai 2, sai ɗaya da rabi, a ƙarshe ya ce ɗaya, kuma da aka tambaye shi waɗancan dubban fa sai ya ce ikonsu ne kawai ake ƙirgawa. Ni shawarata deva "abin bauta", Brahman "Haƙiƙa Ɗaya".

'Yar Damagaram: To Malam ba kamar iskokin Maguzawa ba ne? Kakata na ba mu labari su ma sun san da Allah, iskoki ne dai suke yi wa yanka saboda su ke kusa.

Malamin jami'a: Hajiya kin kusa, amma nan ne daidai inda mai tauhidi ke kuskuren fahimta. Iska halitta ce daban, tana tsakanin mutum da Mahalicci, irin hujjar mushirikan Makka da suka ce don su kusantar da mu muke bauta musu. A mazhabar babban malaminsu Shankara kuwa deva irin Shiva ko Vishnu ba ɗan aike ba ne zuwa ga Brahman, Brahman ɗin ne da kansa a cikin suna da siffar da mai bauta zai iya riƙewa, shi ya sa za ka ga gida ɗaya uba na bin Shiva uwa na bin Krishna ba wanda ke ganin ɗaya ya bar addini. Kuma ba duk Hindu ne ke kan wannan ba, wani malaminsu Madhva a ƙarni na 13 ya ce Vishnu ne maɗaukaki, rayuka da sauran deva daban suke da shi har abada.

Bazazzagi: Ni damuwata Haƙiƙar nan. Kullum aka rasa kalma sai a ruga Larabci, kamar Hausa ba ta da baki. Tushen Samuwa, na daɗe ina faɗa, tushe namu ne, samuwa tamu ce, tsohuwa a ƙauye za ta gane.

Ɗan Fagge: Tushe ai na bishiya ne, reshe daban saiwa daban. Malam ya ce ba daban suke ba.

Bazazzagi: Ku mutanen Kano duk abin da bai fito daga bakinku ba ba Hausa ba ne. Littafi da alƙalami da lokaci duk aro ne na sani, amma waɗancan sun zauna, wannan yanzu muke haihuwarsa, don me za mu raɗa masa sunan aro?

'Yar Damagaram: Mu a nan har Faransanci ke shigo mana, ban ga laifin Larabci ba wallahi. Amma in aka ce Haƙiƙa Ɗaya 'yan ɗariƙa za su ji kamar wahdatul wujudi ake nufi, wato aƙidar nan ta cewa samuwa duka ɗaya ce, wasu kuma su kashe rediyon.

Malamin jami'a: Wannan gaskiya ce, na janye rabi. Sai dai kusancin ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, Albiruni da ya rubuta littafinsa kan Indiya wajen shekarar 1030 ya ce masu iliminsu sun yarda Ubangiji ɗaya ne marar farko marar ƙarshe, har ya riƙa kwatanta maganarsu da ta Sufaye. Amma kada ka ce "tauhidi" a shirin, tauhidi ya hana a bauta wa siffa ko da an ce ta koma ga ɗaya, su kuwa sun halatta.

Mai shirin rediyo: Na gode ƙwarai. Deva zan ce "ababen bauta", murti "gunki". Brahman zan bar shi da sunansa, karon farko in ƙara "wato tushen samuwar komai a wurinsu".

Bazazzagi: Karon farko kawai? To ba komai, amma ka faɗe shi a hankali yadda za a ji.

Ɗan Fagge: Har yanzu tushen nan bai kwanta min ba. Avatar fa, wato saukowar abin bautarsu duniya a cikin jiki, shi me za ka ce?