Wane suna za mu ba taron nan da ba sai mun sake shi baɗi ba?

Sakatare: Salamu alaikum jama'a. Kwamiti ya amince taron manoman dankali da 'yan gwari da muka yi bara ya zama na kowace shekara. Abin da ya rage suna. An kawo "Taron Dankalin Jos 2026" da "Taron Noman Zamani na Ƙasa". Muna son wanda za a buga a hatimi da rasit a wuce wurin. Shawara don Allah.

Auta: Wa alaikumus salam. Na farkon ya yi, gajere ne.

Hajiya Ma'aji: Auta, bari in ba ka labarin abin da na gani da idona. A wata ƙungiyar da na riƙe wa kuɗi, mun sa wa taronmu sunan kamfanin takin da ya ɗauki nauyinmu, muka liƙa 2020 a ƙarshe. Mun buga riguna ɗari uku, da jakunkuna, da littafin rasit, har hatimi muka sassaƙa da shekarar a jiki. Korona ta zo, taro bai yiwu ba. Da muka dawo a 2021 kamfanin ya ce babu kuɗi, wani kamfanin ya ce zai bayar amma ba zai zauna ƙarƙashin sunan kishiyarsa ba, kuma gaskiyarsa ne. Rigunan nan suna cikin buhu a ɗakin ajiyata har ɓera ya yi gida a ciki. Abin da ya fi ci mini rai ma ba rigunan ba ne. Da muka je neman tallafi da sabon suna, sai aka ce mu kawo shaidar mun taɓa yin taro. Hotunanmu da takardunmu duk suna ɗauke da tsohon suna, sai da muka yi ta rubuta wasiƙar bayani kamar masu laifi. Don haka ni dai a cire shekara daga cikin suna, a cire mai ɗaukar nauyi. Shekara ta zauna a layin ƙasa, kamfani kuma a rubuta "da tallafin wane", ran da ya tafi a goge layi ɗaya.

Ɗan Farin Gada: Allah ya mayar da alheri Hajiya.

Malam na Jami'a: Hajiya ta gama magana. Abu uku ne ake cakuɗawa: suna, da karo na nawa, da jigon shekarar. Suna ba ya motsi, karo yana ƙaruwa da ɗaya, jigo kuwa a sake shi yadda aka ga dama. Ku duba taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya. An yi na farko a Balin a 1995, na 26 da aka shirya yi a Gilasgo a 2020 ya koma 2021, kuma bai dame kowa ba domin lamba ake kira. Su kuwa masu gasar cin kofin Afirka, ta 2023 a farkon 2024 aka buga ta a Kodebuwa, har yau sai an yi wa mutum bayani.

Auta: To ai shi ke nan, a ce karo na 2.

Malam na Jami'a: Eh, amma Sakatare ya rubuta a littafi cewa na bara shi ne karo na 1, kada nan gaba a yi gardama. Kuma karo na 10 zai zo ne bayan shekara tara da farawa, ba goma ba, idan ba a tsallake ko ɗaya ba. Kada a yi gaggawar buga "cika shekara goma".

Kawu Bokkos: Ni tambayata, me ya kawo Jos cikin sunan? A Jos ake noma dankalin? Mu a Bokkos da Mangu da Barikin Ladi mu noma, ku ku ɗauki suna.

Ɗan Farin Gada: Kawu, in kun noma ina kuke kawowa? Har Legas dankalin Jos ake cewa.

Kawu Bokkos: Ka zo Maikatako ranar kasuwa ka ƙirga motoci, sannan mu yi magana.

Hajiya Ma'aji: Ku bar wannan. Amma Kawu yana da hujja ta wani ɓangare: ran da muka kai taron Mangu, sunan Jos ya zama ƙarya.

Malam na Jami'a: Ba lallai ba ne Hajiya. Tseren motocin Dakar ya koma Kudancin Amurka a 2009, ya koma Saudiyya a 2020, har yau Dakar ake kiransa. Sai dai wannan gata ne na sunan da ya riga ya yi ƙarfi, mu kuwa yanzu muke rarrafe. Ko sunan jiha ma ba dutse ba ne: Binuwai da Filato jiha ɗaya ce har 1976, Nasarawa kuma a 1996 aka cire ta daga Filato. Wanda ya sa wa taronsa Filato a 1995 alhali rabin mutanensa 'yan Lafiya ne, ya ga ta kansa.

Auta: To mu ɗauki na biyun mana, "na Ƙasa" ya rufe ko'ina.

Barista: A nan akwai ƙaya. Idan za ku yi rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da Turancin sunan, kalmomi irin `National` da `Federal` da `State` sai da amincewar hukumar, domin suna nuna kamar gwamnati na da hannu a ciki. Ku fara bincika ko sunan yana nan ba a ɗauka ba kafin kowa ya je wurin mai buga takardu. Kuma rajistar ƙungiya daban, rajistar alamar taron daban. Ta alamar shekara 7 take yi da farko, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14.

Ɗan Farin Gada: Barista nawa ne kuɗin rajistar shago? Ƙanina na son yi.

Barista: Same ni ta gefe.

Mai Ɗab'i: Ni ta ɓangarena "zamani" ce ba ta kwanta mini ba. Na sha buga wa mutane allo da sunan abin da ake yayi, bayan shekara uku su dawo a kankare. In bana ban-ruwa da hasken rana ake magana, a sa shi a jigo. Sannan ku gwada sunan a waya: ka faɗa wa direban da ke tsakiyar hayaniyar lodi sau ɗaya, in ya maimaita daidai ya yi. Kalma uku ko huɗu ta isa. Ku kula da ƙ da ɗ ma, domin a adireshin intanet da imel "ƙasa" kan koma `kasa`. Adireshin ma kada a sa masa shekara, a sayi guda a riƙa sabuntawa. Babban kyallen bango kuma zan buga muku suna da tambari kawai, karo da kwanan wata a ƙaramin yanki da za a liƙa a ƙasa, kyalle ɗaya ya yi muku shekaru.

Hajiya Ma'aji: Da na san wannan a 2020!

Sakatare: To "dankali" fa? Masu kabeji da karas sun fara ƙorafi tun bara.

Malam na Jami'a: In har za a buɗe musu ƙofa, a faɗaɗa tun yau. Taron tattalin arzikin duniya na Dabos ya fara a 1971 da sunan dandalin manajojin Turai, da ya girma dole aka sake masa suna a 1987. Ni zan ce "Zauren Lambu da Kasuwa".

Kawu Bokkos: Malam, dankalin damina ba lambu ba ne. A cire dankali, a cire mu. Suna in ya yi faɗi da yawa ba wanda zai ji nasa ne.

Hajiya Ma'aji: Wannan ma gaskiya ce Yaya. Mai ba da tallafi yana son ya ji suna ya san me ake yi.

Sakatare: Shekara da kamfani da "na Ƙasa" dai sun fita. Jos da dankali sai ranar Asabar bayan la'asar. Kowa ya zo da suna biyu, Barista ya duba su a CAC kafin a kaɗa ƙuri'a.

Kawu Bokkos: A ina za a zauna ɗin? Kada ku ce mini Jos kuma.