Saƙon da aka rubuta wa mutum ɗaya, ana iya gwada shi kuwa?

Sagir: Salamu alaikum. Ina haɗa wa makarantu masu zaman kansu sola a Kaduna. A wani taron masu makarantu, mutum 240 suka rubuta mini lambarsu don in tuntuɓe su. Na tura wa 120 saƙo ta WhatsApp: rabi na ce in zo in duba makarantar kyauta, rabi na tambaye su nawa suke kashewa a man janareta duk wata. Na farko mutum 4 suka amsa, na biyu mutum 7. Abokin aikina ya ce gwajin banza ne, wai muddin kowa da irin saƙon da na rubuta masa, babu abin da ake kwatantawa: ko dai saƙo iri ɗaya da gwaji, ko saƙon kowa da nasa ba gwaji. Haka ne? Kuma yaya zan tsara na sauran 120?

Auwal: Wa alaikumus salam. Abokinka ya faɗi gaskiya. Gwaji yana son a canza abu ɗaya tak, sauran su zauna daram. Kai kuwa saƙo 120 ka rubuta daban-daban. Ka rubuta guda biyu, ka bar gurbin suna, ka tura. Amma ko a haka 7 ta fi 4 kusan ninki biyu, ni da na biyu zan ci gaba.

Halima: Malam Auwal, maganar canza abu ɗaya daidai ce, amma ba ta hana saƙon ya zama na mai shi ba. Saƙon Malam Sagir kashi uku ne. Akwai gaisuwa da jimlar da ta shafi makarantar mutum, akwai bayanin wanda ke magana, sannan buƙatar da aka rufe da ita. Buƙatar ake gwadawa. Jimlar farko ta bambanta sau 120 ba komai, in dai ƙuri'a ce ta raba mutanen, don a lokacin masu jimla mai armashi da masu jimla ta sama-sama za su watsu a ɓangarorin biyu kusan daidai. Inda abin ke lalacewa shi ne in hannunka ne ya raba. Malam Sagir, yaya ka yi rabon?

Sagir: Waɗanda muka tsaya muka yi hira a wurin taron su na yi wa tambayar mai, don na ga sai da sabo ake tambayar mutum kuɗi. Sauran na ba su na ziyara.

Halima: To ka ga, ba za a iya cewa tambayar ce ta jawo amsa 7 ba, wataƙila sun tuna fuskarka ne. Kuma ko da ƙuri'a ka yi, 7 da 4 ba ta isa hukunci ba. Amsa 11 ke nan gaba ɗaya. Ka jefa kwabo sau 11, fiye da rabin lokuta za ka ga gefe ɗaya ya samu 7 ko sama da haka, alhali kwabon bai fifita kowa ba.

Ga yadda zan yi da sauran. Ka zauna ka rubuta jimlar kowace makaranta a Google Sheets tun kafin ka san rukunin da za ta faɗa. Wannan tsarin na da muhimmanci ƙwarai, domin in ka san wane saƙo za ka tura, hannunka zai fi ƙawata wanda zuciyarka ke so ba tare da ka lura ba. In ka gama duka, ka sa wannan a gefen kowane suna, zai ba shi lambar ƙuri'a:

```
=RAND()
```

Ka kwafe lambobin ƙuri'ar ka manna su a matsayin values only, wato alƙaluman kawai, don kada su riƙa sauyawa, ka jera daga ƙarami zuwa babba, 60 na sama rukuni ɗaya, 60 na ƙasa ɗaya rukunin. In kana da lambar mai makaranta da ta hedimasta a makaranta guda, su shiga rukuni ɗaya, don za su nuna wa juna. Kuma kowace rana ka tura na rukunin biyu tare, goma nan goma can. Kada wannan ya samu ranar Talata da safe, wancan ranar Juma'a ana shirin masallaci.

Alhaji Garba: Ni fa ban ga abin wahalar da kai ba. Sola ta miliyoyi wa zai saya saboda saƙon waya? Yaro, hau babur ka je ka gaishe su. Shekara da shekaru muna sayar da littattafai ga makarantu, da ƙafa muka yi.

Sagir: Baba, zuwan shi ne abin da nake nema ai. Saƙon na neman a buɗe mini ƙofa ne, don in na je ba sanarwa, mai gadi ke mayar da ni.

Hajiya Binta: Bari in yi magana a matsayin wadda ake turo wa. Ina da firamare da ƙaramar sakandare. Irin waɗannan saƙonni suna zuwa mini daga masu ɗinka yunifom, masu buga littafi, masu manhajar sakamako. Gurbin sunan da Malam Auwal ke magana a kai ba ya ruɗin kowa. An sha rubuto mini "Ranka ya daɗe Alhaji Binta". An kuma rubuto "na ga makarantarku mai albarka tana ci gaba", wanda duk makarantar duniya za ka iya faɗa wa. Wanda na taɓa amsa wa cewa ya yi ya wuce ta layinmu ya ga mun ɗora bene, ya tambaya ko sababbin azuzuwan za su buƙaci fanka kafin zafi. Wannan ya san da wa yake magana. Amma ku yi hattara, akwai wanda ya ambaci sunan 'yata da ya gani a Facebook don ya nuna ya san ni. Nan take na toshe shi. A tsaya kan makaranta, a bar gidan mutum.

Halima: Hajiya ta ba da ma'aunin da nake amfani da shi: in za ka iya ɗauke jimlar ka sa wa wata makaranta ba ta yi ƙarya ba, to ba ta mutumin ba ce.

Game da jerin saƙonnin da za ka tura wa kowane mutum, huɗu sun isa, kuma kowane ya zo da sabon abu. Ranar farko: gaisuwa, tunin inda ya ba ka lambarsa, jimlarsa, buƙata ɗaya. Bayan kwana uku ko huɗu: ba "ina tuni" ba, ka tura lissafi. Misali, makarantar da ke da fanka 20 masu cin wat 70, wat 1,400 ke nan, in sun yi awa shida sun ci kilowat-awa 8.4 a yini, kuma duka da rana ne, lokacin da faifan sola ke aiki, don haka ba ta buƙatar batir mai yawa kamar gida. Bayan mako: hoton aikin da ka yi a wata makaranta, da izinin mai ita. Bayan wani makon: gajeren sallama, ka ce ba za ka sake damunsa ba, in lokaci ya yi ga lambarka. Duk wanda ya amsa, ko da "a'a" ce, ya fita daga jerin a take, ka koma magana da shi kai tsaye. Babu abin da ke tona asirin jeri kamar mutum ya amsa jiya, yau ya ga saƙo na biyu kamar bai ce komai ba.

Saƙo na biyu zuwa na huɗu su zama iri ɗaya ga rukunin biyu. In ka canza na farko ka kuma canza na uku, rukuni huɗu ka yi na mutum 30, babu abin da za ka gani.

Auwal: To in amsa ta yi kaɗan, ya ƙirga waɗanda suka buɗe mana. Alamar shuɗi na nan, lambar za ta fi yawa.

Halima: Mutum yana buɗewa ne kafin ya kai ga buƙatar da ke ƙarshen saƙo, don haka buɗewa ba ta auna abin da muke gwadawa. Ga shi da yawa sun kashe alamar. A imel ma haka, tun 2021 da Apple ya kawo Mail Privacy Protection, manhajarsa na sauke saƙo da kanta, sai a ƙirga an buɗe ko mutum bai duba ba. Ya ƙirga waɗanda suka yarda a zo, cikin kwana 21 daga saƙon farko, ya rubuta wannan ƙa'idar yau, kada ya leƙa a kwana na biyar ya yanke hukunci. Ko "amsa" ma ba ta wadatar ba, don tambayar mai na da sauƙin amsawa: mutum ya ce "dubu ɗari biyu" ya yi shiru har abada.

Sagir: Amma Malama Halima, in 60 da 60 ba su isa ba ɗazu, yanzu ma 60 da 60 ne.

Halima: Haka ne, ba zan ɓoye maka ba. Don ka rarrabe kashi 5 cikin ɗari da kashi 10, kana buƙatar sama da mutum 400 a kowane rukuni. Da 60, sai tazara irin ta kashi 10 da kashi 30 za ta fito fili, wato kamar 6 da 18. Shi ya sa ba a ɓata ƙaramin jeri kan gwada "barka da aiki" da "barka da ƙoƙari". Ka gwada abu babba, kamar buƙatunka biyun nan, ko rubutu da saƙon murya. In sakamako ya zo 6 da 8, ka ɗauka kunnen doki ne, ka zaɓi wanda ya fi maka sauƙi, ka koma karanta abin da suka rubuto.

Auwal: In haka ne mun dawo maganata ta wata hanya. Jimla 120 da hannu, ko minti biyar-biyar, awa goma ce, a ƙarshe a ce kunnen doki. Da broadcast ya yi ya huta.

Hajiya Binta: Broadcast ba ya isa ga wanda bai ajiye lambarka ba, Malam Auwal, kuma yawancinmu ba mu ajiye ba. Sannan ku tuna mun san juna, muna da zaure ɗaya na masu makarantu. Mutum biyu su gane kalma ɗaya aka turo musu, kowa ya ji.

Halima: Awa goman ba don gwaji ake kashe su ba, don cinikin ne, aiki ɗaya ya biya su. Ƙuri'ar kuwa minti biyu ce. Abu guda zan ƙara: takardar da suka rubuta lambobinsu, ka adana ta. Dokar kare bayanan sirri ta 2023 ta ce in mutum ya ce a daina tura masa talla kai tsaye, dole a daina. WhatsApp ma na rufe lambar da aka yawaita toshewa ko kai ƙararta.

Hajiya Binta: Inda ban yarda da ke ba, Malama Halima, shi ne saƙo na huɗu. Wanda ya yi shiru sau uku ya ba da amsa. A wurina "ba zan sake damunki ba" matsi ne cikin ladabi. Kuma kada ya fara a makon jarrabawa ko ƙarshen zango, lokacin aljihu ya bushe. Mako na uku da komawa, kuɗin makaranta sun fara shigowa.

Halima: Ni na ga masu amsawa a na huɗun, yawanci da "sai zango mai zuwa", wadda ta fi shiru amfani. Amma ke kika san mutanenki.

Alhaji Garba: In an kai saƙo na uku ba amsa, a bar waya a je. Na huɗun ya zama sallama a bakin ofis.

Sagir: Na gode. Zan rubuta jimlolin a makon nan, in yi ƙuri'a, in fara mako na uku da komawa. Na huɗun ban yanke ba tukuna. Hajiya, in na rubuta goma na farko, zan iya turo miki ki duba ko sun yi kama da na masu yunifom?

Hajiya Binta: Turo, amma ka cire sunayen makarantun da lambobin tukuna.