Ya karya farashin ruwan leda: in bi shi ko in tsaya?

Mai gidan ruwa, Ƙofar Ƙaura: Jama'a, ina sayar wa masu shago jakar ruwan leda mai ƙwaya 20 a kan naira 400, sai ga wani sabon gidan ruwa ya shigo unguwannin da nake kai kaya yana ba su a 350. Daga jaka 500 a rana na sauko 420. Wannan zalunci ne tsantsa, kuma na ƙuduri niyyar saukowa 350 gobe, kowa ya ji a jikinsa. Me kuka gani?

Hajiya mai shago, Sabon Layi: Alhaji, ka yi haƙuri, amma kalmar zalunci ta yi nauyi. Mutum ya sayar da kayansa yadda ya ga zai fita, bai taɓa naka ba, bai tare motarka a hanya ba, to wa ya zalunta? Ni da nake saye, sauƙi na gani. Lokacin da aka cire tallafin mai a 2023 kuka yi ta ƙara mana kuɗi, ba mu kira ku azzalumai ba.

Malamin Islamiyya, Ƙofar Marusa: Hajiya, maganar tana da asali, kada a yi saurin kore ta. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito cewa Sayyidina Umar ya iske Haɗib ɗan Abi Balta'a yana sayar da zabibi a kasuwa, sai ya ce masa ko dai ya ƙara farashi ko ya tashi daga kasuwar. Ashe ke nan karya farashi yana iya zama cutarwa ga sauran 'yan kasuwa.

Ɗalibi daga Batagarawa: Allah gafarta Malam, ai Imamu Shafi'i ya ruwaito cewa Umar ya koma wurin Haɗib daga baya ya janye umarnin. Kuma da sahabbai suka roƙi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙayyade musu farashi, bai yi ba. Saboda haka ba a kiran mai rangwame azzalumi sai an kawo hujja.

Malamin Islamiyya: Ɗana, ban ce azzalumi ne ba, cewa na yi maganar tana da asali. Ka riƙa karanta magana har ƙarshe kafin ka ɗauki alƙalami.

Tsohon akanta, Daura: 'Yan'uwa, ana ta ja-in-ja a kan suna, shi kuwa Alhaji gobe da safe zai yanke hukuncin da zai taɓa aljihunsa. Alhaji, nawa jaka ɗaya take cin ka, idan ka haɗa leda, man janareta, man mota da kuɗin masu lodi, ban da haya da albashin wata?

Mai gidan ruwa: Wajen naira 280, Yallabai.

Tsohon akanta: To, kowace jaka tana bar maka 120, jaka 500 kuma 60,000 a rana, kuma daga nan ne kake biyan haya da albashi. Idan ka sauko 350, ragin naira 50 ba daga kuɗin leda ko na mai zai fita ba, daga wannan 120 ɗin zai fita, ya bar ka da 70. Ko da dukan masu shagon da suka tafi sun dawo, jaka 500 za ta ba ka 35,000 ne kawai, kuma kafin ka sake ganin 60,000 sai ka sayar da jaka kusan 860 a rana, abin da ban tabbata injinka da motarka za su iya ɗauka ba. Yanzu kuwa, da ka tsaya a 400, jaka 420 tana ba ka 50,400. Ma'ana, tsayuwar da kake kuka da ita ta fi saukowar da kake shirin yi da sama da naira 15,000 kullum. Sai cinikinka ya faɗi ƙasa da jaka 292 sannan bin farashinsa zai fara fin tsayuwa, shi ma idan bai sake ragewa ba da ya ga ka biyo shi.

Direban motar ruwa: Yallabai, lissafin takarda daban, titi daban. Ni nake sauke kaya. Mai shago idan ya saba da motar wani, ya ba shi gurbi a firji, ba ka dawo da shi da lissafi. Yau tamanin ce ta tafi, wa ya ce ba za ta zama ɗari biyu ba kafin wata ya ƙare?

Tsohon akanta: Ƙanena, wannan gaskiya ne, shi ya sa ban ce Alhaji ya naɗe hannu ba. Abin da ya kamata ya fara sani shi ne dalilin sauƙin. Ya aika a sayo jakar mutumin, a ƙirga ƙwayoyin, a juye leda ɗaya a gorar rabin lita a ga ko ta cika, a murza ledar a ji kaurinta, a duba lambar NAFDAC. Idan ledar shara-shara ce ko ruwan bai cika ba, masu shago da kansu za su gane ranar da uku suka fashe a ƙasan firji. Idan kayansa lafiya lau ne amma sabon shiga ne da yake cin uwar kuɗinsa don a san shi, wannan ma ba ya daɗewa, musamman idan zafin Maris da Afrilu ya shigo, lokacin da kowa yake sayar da duk abin da injinsa ya fitar. Wanda ake jin tsoro shi ne wanda ya sa sola a rijiyarsa, yake sayen leda da yawa a kan sari, har jaka take cinsa ƙasa da yadda take cin Alhaji. Irin wannan ba zai gaji ba, kuma maganinsa rage kuɗin da kake kashewa kafin ka taɓa farashi. Kafin a gano wanne ne, kada a sauke wa kowa da kowa. A ware manyan shagunan da ake jayayya a kansu, a ba su gyaran jaka ɗaya a kan kowace 20. Wannan naira 280 ce a kan jaka 20, wato 14 a kowace jaka maimakon 50, kuma gyara ana iya janye shi cikin sauƙi, saɓanin farashin da aka sauke, wanda mayar da shi sai an sha rigima.

Hajiya mai shago: Tunda an zo nan, bari in faɗi abin da yake raina. Ni motar da ta iso kafin ƙarfe takwas, ta canza mini waɗanda suka fashe ba tare da musu ba, ta bar ni in biya da yamma, ita nake riƙewa ko da ta fi tsada. Amma yaran wasu gidajen sai azahar suke zuwa, su jefar da kaya a rana su wuce.

Direban motar ruwa: Hajiya, kada a ɗora wa direbobi. Idan babu wuta da dare, da me za a cika motar da asuba?

Wani mai gidan ruwa, hanyar Jibiya: Bari in taƙaita abin da aka tattauna. Kowa ya amince cewa karya farashi cuta ce, Malam ma ya kawo hujja, lissafin Yallabai kuma ya nuna 350 ba ta fitar da kowa. Abin da ya rage shi ne mu masu gidajen ruwa mu zauna mu tsayar da farashi ɗaya, mu kira yaron nan mu ja masa kunne.

Tsohon akanta: Alhajin hanyar Jibiya, ban ce 350 ba ta fitar da kowa ba, cewa na yi ba ta fitar da mai kashe 280 kamar yadda 400 take fitar da shi. Haɗa baki a tsayar da farashi kuwa, dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta hana shi.

Mai gidan ruwa: Na aika a sayo jakarsa biyu, kuma gobe zan bar farashina a 400. Amma har yanzu ban janye kalmata ba, Hajiya.