Ruwan saman da na gwada a aji ya ƙi nuna asid, ran Litinin za a zo duba ni

Malam Ɗan Kurna: Salam 'yan uwa malamai, dan Allah a taimaka min. Ni bayoloji na karanta, amma tunda malamin kemistiri ya bar makarantar mai makaranta ya ce in riƙe 'yan aji biyar kafin a samo wani, har yau ba a samo ba kuma ko sisi ba a ƙara min ba, ga ni da iyali ga kuɗin mota kullum daga Kurna. Toh mun zo kan girinhawus, wato yadda iska ke riƙe zafin duniya, da kuma ruwan asid, na gaya wa yara CO2 ne ke jawo duka biyun, na kawo ruwan sama na tsoma shuɗiyar takardar litimos a gabansu, wallahi ko gezau. Wata yarinya ta ce ashe babu ruwan asid ɗin kenan, aji ya ɗau dariya. Ran Litinin mai makaranta zai zauna a ajin kuma wannan darasin zan ƙarasa. Takardar ce ta lalace ko yaya?

Baban Walid: Malam ai mu ma haka muke, ni lissafi na karanta aka haɗa min fiziks da aikin gona, albashi sai an kai goma ga wata. Allah dai ya kawo mana mafita.

Malam Sani Mai Ritaya: Wa alaikassalam. A ina ka tari ruwan, kuma a cikin me?

Malam Ɗan Kurna: A indararon gidanmu, a bokiti. Ruwan farko ne na bana.

Malam Sani Mai Ritaya: Toh ba lalacewa takardarka ta yi ba ƙanena. Ruwan farko ya wanko ƙurar rani gaba ɗaya daga kan kwano, ƙurar nan tamu kuma tana ɗauke da CaCO3, shi ko aikinsa kashe asid. Ko a sama ma ɗigon ruwan yana haɗuwa da ƙurar tun kafin ya sauko. Sannan ko tsabtataccen ruwan sama ka samu, CO2 ɗin iska kaɗan yake narkewa a ciki:

CO2 + H2O ⇌ H2CO3

Wannan asid ne mai rauni sosai, iyakarsa ya sauko da pH zuwa wajen 5.6, litimos kuma ba ya yin ja sosai sai an gangara wajen 4.5. Kenan ko ba ƙura da ƙyar za ka ga wani canji. Abin da ya fi damuna shine maganar CO2 ke jawo duka biyun, ita ya kamata ka gyara kafin Litinin.

Malam Ɗan Kurna: Amma Baba ai kai ma yanzu ka rubuta CO2 na zama asid a ruwa. Kuma a littafin da aka ba ni babi ɗaya suke, shi yasa na haɗa su.

Injiniya Bash: Abu ɗaya ne mana. Hayaƙi ya huda ozon, rana na shigowa ta hudar shine zafi ya ƙaru, hayaƙin kuma ya dawo a ruwa. Malam shawara ta, ka ɗiga ruwan batir ɗigo biyu a ruwan kafin ka shiga aji, takarda za ta yi ja, mai makaranta ya tafa maka a wuce wajen.

Malam Sani Mai Ritaya: Injiniya kar ka ɗora shi a wannan hanya, yaudarar yara ce, kuma ruwan batir H2SO4 ne mai ƙarfi, yana cin kaya yana ƙona fata. Gaskiyarka ɗaya, ƙona mai da gawayin kwal na fitar da iskokin duka biyun. Amma ozon maganarsa daban, iskar CFC ta tsofaffin firij ce ta cinye shi.

Ɗan Kurna ka saurara. Ana cewa ruwan asid ne in pH ya faɗi ƙasa da 5.6 ɗin nan, irin su 4.5 ko 4, kuma CO2 na iska ba zai kai shi can ba. Masu kai shi biyu ne. Na farko farar wuta da ke cikin kwal da dizal mara kyau, in ta ƙone:

S + O2 → SO2
2SO2 + O2 → 2SO3
SO3 + H2O → H2SO4

Na biyu, zafin cikin injin mota ko janareta yana tilasta wa N2 da O2 na iska su haɗu su ba da NO, ya ƙara ɗaukar O2 ya zama NO2, sai 3NO2 + H2O → 2HNO3 + NO. Ka nuna wa yara cewa 4.6 ya ninka 5.6 tsami sau goma, don kowane mataki ɗaya na pH ninki goma ne.

Shi girinhawus babu wani sabon sinadari da ake haifarwa. Hasken rana ya ratsa iska ya gasa ƙasa, ƙasa ta mayar da zafin sama, sai CO2 da tururin ruwa da CH4 da N2O su tsotse shi su maido wani sashe ƙasa, kaman bargo. N2 da O2 su ne kashi 99 cikin ɗari na busasshiyar iska amma ba sa tsotsar wannan zafin. Kuma ba mugun abu ba ne a asalinsa, ba don shi ba da matsakaicin zafin duniya ya zama wajen -18 maimakon 15 a ma'aunin Salshiyos. Yawan ne ya ƙaru, CO2 ya tashi daga wajen 280 ppm, wato kashi 280 cikin miliyan na iska, kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 yanzu.

Maman Hanif: Yauwa gara da aka tado maganar nan. Kwanon ɗakina duk ya yi tsatsa ta gefen da maƙwabci ya kafa janaretansa, na yi magana har na gaji. Kenan ruwan asid ne? Don in sami hujjar kai shi wajen mai unguwa.

Injiniya Bash: Hajiya siririn kwano aka sayar miki kawai. Masu kukan ruwan asid da kwano mutanen Neja Dalta ne inda ake ƙona gas dare da rana.

Malama Rabi: Ni da zoɓo nake yi wa 'yan ajina. Ka ɗiga lemon tsami ya ƙara ja, ka sa kanwa ya koma kore-kore mai duhu, yara suna so sosai kuma ba tsada.

Malam Sani Mai Ritaya: Yana da kyau wajen nuna asid da kishiyarsa Malama, amma zoɓo shi kansa mai tsami ne, ba zai gane ruwan sama ba. Ɗan Kurna ka nemi ruwan gwajin pH mai launuka da yawa, ka ɗiga a ruwa mai tsabta ya yi kore, yaro ya hura da tsinken shan lemo ya koma rawaya, wannan aikin CO2 ne. Sai ka ƙona farar wuta kaman ƙwayar gero a cokali cikin kwalba mai ɗan ruwa, ka rufe ka girgiza, zai yi ja. A waje za ka yi, SO2 na tayar da asma. In kana son hujjar cewa ba abu ɗaya ba ne, dutsen Pinatubo na Filifin da ya yi aman wuta a 1991 ya watsa SO2 sama, duniya ta ɗan yi sanyi da wajen rabin digiri, don SO2 ɗin ya koma ƙurar salfet, ita kuma tana mayar da hasken rana baya.

Malam Ɗan Kurna: Na gode Baba, amma litimos kaɗai ke cikin kabad ɗinmu kuma ba zan sayi komai da kuɗina ba. Kuma in na shiga na ce CO2 ba ya kawo ruwan asid yarinyar nan ta gama da ni, ni dai gani nake tunda yana zama H2CO3 maganata na nan. In an yi ruwa daren Lahadi zan ajiye roba a tsakar gida in sake gwadawa.

Malam Sani Mai Ritaya: Da litimos ɗin dai? Ba zai yi ja ba fa.

Maman Hanif: Ni har yanzu ba wanda ya ce min in je wajen mai unguwa ko kar in je.