Neman shawara: jawabin godiya daga shafukan sakamakon bita

Rukayya: Assalamu alaikum 'yan uwa. An ɗora mini jawabin godiya a rufe bitar kwana uku da ake yi wa malaman gona kan adana wake a buhu mai leda biyu ba tare da magani ba. Minti uku aka ba ni. Shugaban shiri ya ce in ciro shi daga shafukan sakamako da za a haska a majigi kafin in tashi: mutum 40 suka yi rajista, 34 suka kai ƙarshe, makin gwaji ya tashi daga 45 zuwa 72 cikin 100, mutum 30 sun ɗaure buhu daidai, rukuni biyar kowanne ya ɗauki ƙauyuka huɗu. Ta yaya zan mayar da wannan godiya?

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Malama Rukayya. Kowace lamba a shafukan nan akwai wanda ya yi gumi kafin ta samu, shi za ki nemo. Ki raba takarda gida biyu, gefe ɗaya lamba, ɗaya gefen mai ita. Tashin maki na masu koyarwa ne. Mutum 30 da suka ɗaure buhu daidai, wannan na mahalarta ne da wanda ya kawo buhunan da waken gwaji. Ƙauyuka 20 na shugabannin rukuni ne da hakiman da za su buɗe musu ƙofa. Mutum 34 da suka zauna kwana uku kuwa, masu girki, direbobi da mai kula da janareta suna da kaso a ciki. Lambar da kika rasa wanda za ki jingina wa, ki bar ta a rahoto.

Lamba uku sun isa, domin mutane sun riga sun gani a allo mintuna kaɗan kafin ki tashi. In kika sake karanto duka, jawabinki ya zama rahoto na biyu, za ki ga an fara haɗa jaka. Ki fara da mutumin, lambar ta biyo baya a matsayin shaida. Misali: "Malamanmu masu koyarwa, ranar Talata da muka zo, matsakaicin makinmu 45 ne. Yau 72 muke da shi. Wannan aikinku ne, Allah ya saka da alheri." Kin ga an yi godiya, an kuma nuna dalilinta.

Minti uku a Hausa, da tsayawar tafi da amsa amin, bai wuce kalma 300 zuwa 330 ba. Ki ba gaisuwar manya daƙiƙa 30, godiya mai lamba minti ɗaya da rabi, masu hidima daƙiƙa 30, sauran na neman afuwa da addu'ar komawa gida lafiya. Ki karanta da ƙarfi sau biyu da agogon waya a hannu. Karatun zuci ya fi na baki sauri, shi ke ruɗin mutane su zarce lokaci.

Injiniya Bashir: Ki faɗi cewa ilimin mahalarta ya ƙaru da kashi 27 cikin ɗari, masu ba da kuɗi irin wannan suke son ji. Kuma ki bar shafin a kan allo kina magana, ya zama hujja.

Hajiya Maryam: Injiniya, a nan kam akwai gyara. Daga 45 zuwa 72 ƙarin maki 27 ne. In ana son a faɗe shi da kaso, sai a raba 27 da 45, ya ba da kashi 60 cikin ɗari. Wanda ya ce "kashi 27" ya haɗa lissafi biyu ya ɓata duka. Rukayya, 'yata, ki faɗi lambobin biyu kawai yadda Malam Sani ya tsara, kowa zai gane.

Akwai abin da ya fi wannan damuna. Gwajin farko mutum nawa suka rubuta? In 40 ne suka rubuta na farko, 34 suka rubuta na ƙarshe, to ba mutane ɗaya ake kwatantawa ba. A ce shidan da suka tafi su ne masu ƙaramin maki, matsakaici zai tashi ko da ba wanda ya koyi komai. Ki je wurin mai haɗa alƙaluma yau, ki ce ya fitar da makin farko na mutum 34 ɗin kaɗai. Aikin minti goma ne in takardun suna da suna ko lamba. In ya fito 47 maimakon 45, ki faɗi 47, a gyara shafin ma kafin a haska.

Sannan ki lura da lokacin aiki a jimlolinki. Ƙauyuka 20 alkawari ne, ba a je ba tukuna. Kada ki ce "mun isar da wannan ilimi ga ƙauyuka ashirin", ki ce "sun ɗauki alkawarin zuwa ƙauyuka ashirin kafin a gama girbin wake". Kada kuma ki ce bitar ta rage asarar wake. Wannan sai an buɗe buhuna bayan watanni an ga ƙwari ba su ci ba. Wakilin masu ba da kuɗi yana zaune yana rubutu, abin da kika faɗa zai iya tambaya a rahoton gaba.

Abdulhadi: Ni a tamu ƙungiyar lamba-lamba muke jerowa, kira ga gwamnati, kira ga 'yan kasuwa, sai shugaba da sakatare su sa hannu. Zan iya turo miki samfuri.

Malam Sani: Abdulhadi, waccan sanarwar bayan taro ce, wani ke karanta ta daban. Jawabin godiya ba ya ɗaukar kira ga gwamnati. Batun allo kuma, Injiniya, ni na fi son a kashe shi, domin ido yana bin haske, ita kuma a bar ta tana magana ita kaɗai. A PowerPoint, in ana cikin haskawa, danna `B` yana mayar da allon baƙi, a sake dannawa ya dawo. Ki gaya wa mai kwamfuta tun kafin a kira ki.

Injiniya Bashir: Na karɓi gyaran lissafi, Hajiya. Amma allo ban sauka ba. Shafi guda mai hoton mahalarta suna ɗaure buhu ba zai raba hankalin kowa ba.

Rukayya: Na gode ƙwarai. To mutum shidan da ba su gama ba, da huɗun da ba su ɗaure daidai ba, in ambace su?

Hajiya Maryam: Huɗun kada ki taɓa su. Suna cikin ɗakin, kowa ya san su, kunya za ki ba su. Ki ce "mutum talatin sun nuna ɗaurin a gabanmu", ki wuce. Shidan kuwa ni zan ambata a jimla ɗaya ba suna, cewa waɗanda uzuri ya hana su kammalawa muna gode musu su ma.

Malam Sani: Ni da zan bar shidan, Hajiya, shafin halarta ya riga ya faɗa. Amma wannan ki tambayi shugaban shiri, shi ya san dalilin tafiyarsu. Abin da ba na so ki bari sai gobe shi ne sunayen manya. Ki karɓi jerin daga mai gabatarwa, ki bi tsarin da ya bi wajen buɗe taro, ki tabbatar wa ya zo da kansa, wa ya aiko wakili. In hakimi wakili ya turo, ki gode wa hakimin ta hannun wakilinsa, ki faɗi sarautar kowannensu daidai. Manya uku ko huɗu za ki kira da suna, saura ki haɗa su a "sauran manyan baƙi". Sanarwar kuɗin mota da karɓar takardar shaida kuma ki bar wa mai gabatarwa ya yi bayan addu'a, domin da zarar an ji kuɗin mota rabin ɗakin zai miƙe.