Kaset ɗin VHS guda 14 zuwa cikin fim ɗin tarihi: ina nake kuskure?

Mai Tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina haɗa fim ɗin tarihi a 1080p, firam 25 a daƙiƙa, kuma an ba ni kaset ɗin VHS guda 14 na shekarun 1990 da zan tsinci wasu wurare daga ciki. Na juye guda uku da ɗan ƙaramin abin nan na USB mai wayar rawaya da ja da fara. Saman hoton yana karkacewa, in mutum ya motsa hannu sai ka ga layuka kamar haƙoran matsefi, murya kuma tana rabuwa da baki da kusan daƙiƙa biyu bayan awa ɗaya. Biyu daga cikin kaset ɗin akwai wani farin abu a jikin zaren. Don Allah a taimaka da shawara.

Injiniya: Wa'alaikumus salam. Malam, ka fara ware biyun nan masu farin abu, kada su shiga na'ura ko sau ɗaya. Funfuna ce. Da zarar zaren ya bi ta kan hed zai toshe shi, hoton ya koma yayyafi, kuma duk kaset mai lafiya da ka saka daga baya zai kwashi rabonsa. Sauran 12 ɗin, ka ɓalle ɗan harshen robar da ke bayan kowanne don kada hannu ya kuskure ya danna rikodin, sannan ka tura zaren da sauri har ƙarshe ka dawo da shi farko sau ɗaya. Zaren da ya yi shekaru a ajiye yana naɗuwa ba daidai ba, wannan zagayen shi ke daidaita shi.

Karkacewar saman hoto ba laifin kaset ba ne kaɗai. Zaren yana tafiya ne da ƙarfin mota da roba, saboda haka kowane layi na hoton ba ya zuwa a kan lokacinsa daidai. Tsohuwar talabijin tana haƙuri da wannan, amma na'urar juyewa zuwa kwamfuta ba ta yi. Maganinsa TBC, wato abin da ke jera layukan a kan lokaci kafin su shiga kwamfuta. Wasu na'urorin S-VHS suna da shi a ciki. In ba ka samu ba, ka nemi rikodar DVD irin Panasonic DMR-ES10 ko DMR-ES15, ka bi da siginar ta cikinta kawai, ta shiga ta fita, ba tare da ka ƙona faifai ba. Tana miƙe karkacewar sosai. In kuma na'urarka tana da mafitar S-Video, ka bar wayar rawaya, domin ita rawayar tana cuɗa haske da launi a waya ɗaya, shi ya sa kake ganin ɗige-ɗige suna tafiya a gefen kaya masu ja.

Abin da ka rasa a wannan matakin babu manhajar da za ta dawo maka da shi. Shawarata, ukun da ka riga ka juye ma ka sake su.

Baban Ummi: Ni a ganina ka sauƙaƙa wa kanka, ɗan'uwa. Akwai ɗan akwatin da ke karɓar wayar rawaya ya fitar da HDMI a 1080p kai tsaye, ka ga girman ya zo ɗaya da na fim ɗinka ke nan. Masu funfunar kuma na ji ana gasa su a zafi kaɗan su warware.

Injiniya: Baban Ummi, gasawar gaskiya ce amma ba ta wannan ciwon ba ce. Ana yin ta ne ga zaren da ɗankonsa ya sha danshi ya fara mannewa, an fi ganin haka a U-matic da zaren sauti na faifai buɗaɗɗe, a zafin da bai wuce digiri 50 zuwa 55 ba, a na'urar da ke riƙe zafi daidai. Funfuna gogewa ake yi: a bar kaset ya bushe, a buɗe shi a waje da takunkumi a fuska, a bi zaren a hankali da ƙyalle marar gashi. In abin da ke ciki ba shi da kwafi a ko'ina, gara a kai wa masu wannan aikin.

Akwatin HDMI kuwa shi ne zai kulle masa matsalar har abada. Yana haɗe rabin hotunan yadda ya ga dama, ya buɗa hoton, sau da yawa ya miƙe shi ya cika faɗin allo, duk kafin ka sa hannu. A juye kaset a girmansa na asali: PAL, 720x576, firam 25, ba tare da an taɓa komai ba, a adana da FFV1 ko HuffYUV, masu matse fayil ba tare da rage ingancin hoto ba, sauti kuma PCM a 48 kHz. Awa ɗaya za ta ci gigabayit 30 zuwa 40. In kaset ɗin E-180 ne, masu awa uku kowanne, kuma a cike suke, awa 42 ke nan, sai a tanadi diski mai terabayit 2, da na biyu don kwafi. Wannan fayil ɗin shi ne uwa, ba a gyara a kansa.

Hajiya Edita: Bari in ɗauki zancen haƙoran matsefi, don nan ne mutane suka fi ɓata aiki. Kyamarar bidiyo ta wancan zamani ba cikakken hoto 25 take ɗauka ba, rabin hoto 50 take ɗauka a daƙiƙa, ɗaya layukan mara, na gaba layukan cika, kuma kowanne a lokacinsa daban. Hannun da ke motsi ya riga ya gusa kafin rabi na biyu ya zo. Allon kwamfuta yana nuna su tare, shi ne matsefin. Don haka ganinsa a fayil ɗin uwa alama ce mai kyau, yana nufin rabin hotunan suna nan ba a lalata su ba.

Doka ɗaya ce a nan: a warware su kafin a canja girman hoto. In ka buɗa hoton da matsefin a jiki, layukan za su narke su koma igiyoyi masu kauri a gefen duk abin da ke motsi, kuma babu mai cire su. Ka fara tantance wane rabi ne ke gaba:

```
ffmpeg -i kaset03.mkv -vf idet -frames:v 500 -an -f null -
```

Zai nuna maka adadin TFF, wato rabin sama ne ke gaba, da BFF, wato na ƙasa ne ke gaba, wanda ya rinjaya shi ne naka. Yawancin katin juye PAL suna ba da TFF, amma in ta kyamarar DV aka bi, BFF ne. In ka zaɓi na kuskure za ka gane nan take, motsi zai riƙa yin gaba yana ja da baya kamar mai rawar sanyi. A cikin matatun warware matsefi, QTGMC ya fi kowa iya aikin, sai dai haɗa shi da wuya kuma yana cin lokaci. Wannan ya isa ka fara, in BFF ne naka ka mayar da parity=tff zuwa parity=bff:

```
ffmpeg -i kaset03.mkv -vf "bwdif=mode=send_field:parity=tff,crop=684:560:18:4,scale=1440:1080:flags=lanczos:in_color_matrix=bt601:out_color_matrix=bt709,setsar=1" -colorspace bt709 -c:v prores_ks -profile:v 3 -c:a pcm_s16le kaset03_aiki.mov
```

Yankan da ke ciki ya cire layi 12 a ƙasa, inda hoton ke yagewa saboda sauyin hed, da 4 a sama, da 18 a kowane gefe don siffar mutane ta tsaya daidai. Ka duba naka, wani kaset yagewar ba ta kai haka ba. Sauyin launi daga bt601 zuwa bt709 kuma kada ka tsallake shi, in ba haka ba ja da kore za su ɗan kauce, a fatar mutum za ka fi lura. Abin da zai fito firam 50 ne. A kan aikinka na 25 manhajar za ta ɗauki ɗaya ta bar ɗaya ba tare da tangarɗa ba, kuma in kana son rage gudun wani wuri da rabi, kana da firam na gaske da za ka yi da su.

Ɗan Autan Zaure: Yaya, ni ma ina da kaset ɗin bikin gidanmu, wani ya mayar mana da shi DVD kuma yana yi lafiya a talabijin. Me zai hana ka yi haka ka kwafo daga faifan?

Hajiya Edita: Don kallo a gida ya yi, ƙanena. Amma DVD yana matse hoto da MPEG-2, yayyafin VHS kuma shi ne abin da matsewar ta fi tsana, sai ta mayar da shi ƙananan akwatuna. A allon 1080 za su fito ɓaro-ɓaro, musamman a wuri mai duhu.

Mai Tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Saura muryar, Injiniya. Sannan gefe biyun da za su zauna baƙi, in buɗa hoton ya cika allo?

Injiniya: Ka auna tazarar a minti 15, da 30, da 45, da 60. In tana ƙaruwa daidai wa daida, rabin daƙiƙa, ɗaya, ɗaya da rabi, biyu, to agogon sauti da na hoto ne ba su jitu ba, yawanci saboda an shigar da sauti ta wata ƙofa daban ta kwamfutar. Wannan sai ka ja tsawon sautin ya yi daidai da na hoton, ya wuce. In kuwa tana nan daidai sai ta yi tsalle farat ɗaya, firam ne suka zube, kuma za ka tarar a wuraren da mai kyamara ya tsaya ya ci gaba ne, inda siginar ke yankewa. Daƙiƙa biyu firam 50 ke nan. Rikodar DVD ɗin nan tana ragewa, amma TBC na waje mai riƙe cikakken firam shi ne maganinsa na gaske. In babu, tunda guntaye kake buƙata, ka daidaita kowane guntu da hannu: nemi inda aka tafa ko aka rufe ƙofa, ka ɗora ƙarar a kan firam ɗin.

Wani abu kuma, in kana jin ƙara kamar ta ƙudan zuma a sautin Hi-Fi, ka taɓa tirakin da hannu kaɗan-kaɗan. In ta ƙi, ka koma sautin mono na gefen zare. Ya fi dishi-dishi, amma ba ya wannan ƙarar.

Hajiya Edita: Kada ka cika allon. Hoton 4:3 in za ka cika 16:9 da shi sai ka yanke kashi ɗaya cikin huɗu na tsayinsa, kawuna da ƙafafu za su tafi, ga shi VHS layin tsabtarsa kusan 240 ne kawai, ƙarin buɗawa ƙarin dusashewa ne. Miƙe shi kuwa ya fi muni, kowa zai koma gajere mai faɗi. Ka bar shi 1440x1080 a tsakiya, fiksel 240 baƙi a kowane gefe. Wajen wanke yayyafi ka fi matsa wa na launi, na haske ka taɓa shi kaɗan. Ka tsayar da hoton a kan fuskar dattijo ka duba: in layukan goshinsa sun ɓace, fuskar ta koma kamar ta roba, ka wuce gona da iri, ka ja baya. Sautin tsohon kaset ɗin kuma ka shigo da shi kamar daƙiƙa ɗaya kafin hotonsa, a ƙarƙashin maganar wanda ake hira da shi, kunne zai riga ido sabawa.

Baban Ummi: A nan kam ban bi ki ba, Hajiya. Yawancin masu kallo a waya suke, baƙin gefen nan yana ƙara ƙanƙantar da hoton a ido. Ni na fi son a cika gefen da dusasshen kwafin hoton.

Hajiya Edita: Dusasshen yana motsi tare da hoton, yana jan ido daga fuskar da ake son a kalla, kuma kyamarar hannu ta wancan lokaci ba ta tsayawa wuri ɗaya. Amma akwai tashoshin da ke neman a cika allon, wannan gaskiya ne. Malam, ka tambayi inda za a nuna fim ɗin tukuna, sannan ka fitar da minti ɗaya ta kowace hanya, ka kalla a waya da talabijin kafin ka yanke wa sauran.